Kuɗin da Ba Kai Ka Cire Ba: Yadda Ake Kai Ƙorafi Banki da Hujjar da Ta Kamata Ka Tara

Alat ya shigo waya cewa an cire kuɗi daga asusunka, alhali ba ka je banki ba, ba ka sayi komai ba, katinka kuma yana cikin aljihu. Abin da yawancin mutane ke yi a irin wannan hali shi ne su kwana cikin tashin hankali, da sassafe su nufi banki, su tsaya gaban ma'aikaci suna cewa, "Wallahi ban cire ba." Ma'aikacin yana iya yarda da su har zuciyarsa, amma ba shi ke yanke hukunci ba, kuma waɗanda ke yankewa ba sa jin rantsuwar kowa. Abin da ke gabansu rubutu ne da na'ura ta ajiye: ta wace hanya kuɗin suka fita, da ƙarfe nawa, a wace na'ura, kuma da me aka tabbatar da cewa mai katin ne ya amince.

Saboda haka tara hujja ba tara takardu ba ne. Mutum yana iya zuwa da jaka cike da kwafe-kwafe ya dawo hannu rabbana, wani kuma ya zo da takarda uku a mayar masa da kuɗinsa. Bambancinsu shi ne na biyun ya fara gano ta wace ƙofa kuɗin suka fita, sannan ya nemo hujjar da ta dace da wannan ƙofar.

A fara rufe kati

Kafin a yi maganar hujja, sai a tsayar da zubar kuɗin. Wanda ya samu lambobin katinka ba ya tsayawa a cira ɗaya. Zai yi ta ja har asusun ya ƙare ko katin ya daina aiki. Bankunan Najeriya suna da hanyar rufe kati ba tare da an je reshe ba: ta manhajar banki, ta lambar USSD da ake dannawa a waya, ko ta kiran sashen kula da kwastoma. Tun 2015 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya umurci bankuna su kafa teburin karɓar rahoton damfara, don haka ba sai an jira wayewar gari ko ranar Litinin ba.

Lambar da za ka kira ita ce wadda ke bayan katinka ko a shafin bankin na ainihi. Kada ka rubuta kukanka a Facebook ko X ka jira wani ya tuntuɓe ka. Akwai masu damfara da ba su da aiki sai bin irin waɗannan koke-koke. Sukan zo da tambarin banki da daɗin baki, su ce za su mayar maka da kuɗinka yanzu-yanzu in ka karanto musu lambar katinka da lambar da za ta shigo wayarka. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da ke neman lambar sirrinka, ko OTP, ko lambobi ukun da ke bayan kati.

Da ka rufe katin, ka rubuta lokacin da ka rufe, ka adana saƙon da ya tabbatar da hakan. Wannan ita ce hujjarka ta farko, domin tana nuna ba ka yi sakaci ba bayan ka gani, kuma duk abin da ya fita ta katin bayan wannan lokaci banki ne zai yi bayaninsa.

Shin da gaske sata ce?

Ba duk cirar da ba ka gane ba ce sata. Alat na tes gajere ne, yakan yanke sunan wanda aka biya. Ka buɗe manhaja ka duba cikakken bayanin cinikin, ko ka nemi sitetimen na asusun. A layin bayanin za ka ga kalmomi irin su `POS`, `ATM`, `WEB`, `USSD` ko `NIP`. Uku na farko ta kati ne. Biyu na ƙarshe yawanci tura kuɗi ne daga asusu zuwa asusu, kuma in su ka gani, rufe kati kaɗai bai wadatar ba. Asusun da layin wayarka ne ke cikin haɗari, sai ka sa a dakatar da fitar kuɗi gaba ɗaya.

Sannan ka dubi sunan. Sau da yawa sunan da ke fitowa ba shi ne na shagon da ka sani ba. Ka sha mai a gidan mai, sai sunan kamfanin da aka yi wa rajistar na'urar ya fito. Ka biya kuɗin makaranta ko na wuta ta intanet, sai ka ga `PAYSTACK` ko `FLW`, wato kamfanonin da ke karɓar kuɗi a madadin 'yan kasuwa. `APPLE.COM/BILL` ko sunan da ya fara da `GOOGLE` galibi kuɗin wata manhaja ce da aka yi wa rajistar biyan wata-wata, wataƙila tun bara, aka manta. Wani lokaci kuma yaro ne ya sayi wani abu a wasan waya da katin da mahaifinsa ya taɓa sakawa a wayar. Ka tambayi mutanen gida kafin ka tambayi banki. In ka cika fom ka ce sata ce, sai ɗan kasuwa ya kawo shaidar cewa a wayarka aka yi sayayyar, ƙorafin ya faɗi, kuma maganarka ta rage nauyi ran da za a yi maka sata ta gaske.

Akwai kuma ciniki na biyu da ake ruɗawa da sata: wanda ya gaza amma aka cire kuɗin. Ka sa kati wajen mai POS, ya ce babu sabis, a sake gwadawa. Daga baya ka ga an cire sau biyu. Wannan hanyarsa daban ce kuma ta fi sauƙi. Hujjarsa ita ce rasit ɗin da ke ɗauke da `DECLINED`, tare da wanda ke ɗauke da `APPROVED`. A tsarin da CBN ya kafa daga 8 ga Yunin 2020, in ATM na bankinka ne ya riƙe kuɗin, mayarwa nan take ne, ko cikin awa 24 in na'urar ba ta mayar da kanta ba; in na wani banki ne, awa 48; in POS ne ko intanet, awa 72. Wanda ya rubuta wa banki cewa an yi masa sata alhali cinikin ne ya gaza ya jefa takardarsa layin da ya fi tsawo ba gaira ba dalili.

In ka bi duk wannan ka tabbatar ba kai ba ne, ba na gida ba ne, ba kuma gazawar na'ura ba ce, to yanzu aka zo kan sata.

Tambayar da ke yanke hukunci

Kowace cira ta kati tana barin alamar yadda aka amince da ita, kuma manyan hanyoyin uku ne. Ko dai an sa katin a na'ura an danna lambar sirri. Ko an rubuta lambobin katin a intanet an ƙara da OTP da banki ya turo. Ko kuma an rubuta lambobin kawai, babu lambar sirri babu OTP. Wannan ta uku tana ba mutane mamaki, amma tana nan: shafukan sayayya da dama, musamman na ƙasashen waje, lambar gaban kati da ranar ƙarewarsa da lambobi ukun baya sun ishe su.

A ƙa'idar kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard, ɗan kasuwar da ya karɓi kuɗi ta intanet ba tare da ya bi matakin tabbatarwa na OTP ba, shi ke ɗaukar asara in mai katin ya ce bai san zancen ba. In kuwa ya bi matakin aka tabbatar, nauyin ya bar kansa ya dawo ɓangaren bankin da ya ba da katin, shi kuma bankin sai ya juyo wurinka ya ce, "Ai an sa OTP." Haka nan in an sa kati mai ƙwayar lantarki an danna lambar sirri daidai, banki zai ɗauka cewa katin na ainihi ne ya je wurin, domin ƙwayar tana ƙirƙirar sabuwar lambar tabbatarwa a kowane ciniki, kuma kwafarta ba kamar kwafar baƙin layin bayan kati ba ce.

Daga nan za ka ga cewa hujjar da ke da amfani a hanya ɗaya ba ta da wani tasiri a wata. Tikitin mota da ke nuna kana Kano ranar da aka cire kuɗi a wani ATM a Legas yana da nauyi. Tikitin nan ba ya cewa komai in cirar ta intanet ce, domin daga ko'ina ana iya yin ta.

Misali daki-daki

Mu ƙaddara wata malamar firamare ce a Zariya, albashinta ya shigo ranar Alhamis. Da asubar Asabar ta tashi ta tarar da alat uku: naira 1,530 da ƙarfe 1:47 na dare, naira 61,200 da ƙarfe 1:52, sai wata 61,200 da ƙarfe 1:55. Jimla naira 123,930. Katinta na cikin jaka. Da ƙarfe 5:20 ta rufe shi ta manhaja, ta kira banki ta kai rahoto, ta rubuta lokacin kiran da lambar ƙorafin da aka ba ta.

Da ta buɗe cikakken bayanin, sai ta ga duka ukun suna ɗauke da `WEB`, ga sunan wani kamfani da ba ta taɓa ji ba, ga kuma alamar wata ƙasar waje a ƙarshen layin. Tsarin cirar shi kansa yana magana. Kuɗin ba su zo a dunƙule kamar dubu sittin cif ba, alamar an canza su ne daga kuɗin waje. Ƙaramar cirar farko kuwa gwaji ne: ɓarawo yakan fara da ɗan abu kaɗan ya ga ko katin na raye, in ya wuce sai ya ɗora manya cikin 'yan mintuna. Wannan ya cancanci a rubuta shi a takardar ƙorafi, domin masu binciken damfara sun san wannan salo sarai.

Tunda hanyar ta intanet ce, tambayar ita ce OTP. Ta duba akwatin saƙonninta: tsakanin daren Juma'a da asuba babu wani saƙon OTP, sai alat ɗin uku kawai. Ta duba imel, nan ma babu. Layinta yana aiki, sabis bai ɗauke ba. Sai ta ɗauki hoton fuskar wayar yadda jerin saƙonnin banki ya fito da kwanan wata da lokaci, ba alat ɗaya a yanke ba, domin abin da take son nunawa shi ne abin da bai shigo ba, kuma ba a ganin rashin abu sai a cikin jeri cikakke. Ba ta goge komai ba, ba ta kuma sake saitin wayar ba.

Abin da ta haɗa ta kai banki ranar Litinin bai wuce biyar ba: sitetimen na wata uku wanda ta ja layi ƙarƙashin cirar uku, hoton jerin saƙonnin, shaidar rufe kati da lokacinta, katin kansa, don a gan shi a hannunta, da takardar ƙorafi mai shafi ɗaya. Sitetimen na wata uku yana da dalili. Yana nuna yadda ta saba amfani da katin: cirar dubu biyar ko goma wajen masu POS na unguwa, sayen kati da data, babu sayayyar waje ko ɗaya, babu ciniki da tsakar dare. Yana kuma tona wata ƙaramar cira da wataƙila aka yi a baya ba ta lura ba.

A takardar ta rubuta kowace cira a layinta: rana, lokaci, adadi, sunan da ya fito, da lambar cinikin. Wannan lamba takan fito da sunan `RRN`, mai lambobi 12, ko `STAN`, mai lambobi 6. Da su ake nemo ciniki a cikin miliyoyi, kuma in ba su fito a manhaja ba ma'aikacin banki zai iya ciro su. Daga lambar katin, shida na farko da huɗu na ƙarshe kawai ta rubuta. Ta faɗa a sarari cewa ba ta yi cinikin ba, ba ta ba kowa izini ba, katin bai bar hannunta ba a daren, kuma OTP bai shigo mata ba. Sannan ta nemi banki ya amsa mata abu uku a rubuce: shin an tura OTP a kan waɗannan cira, in an tura, zuwa wace lamba ko wane imel kuma da ƙarfe nawa, sannan shin an shigar da buƙatar dawo da kuɗin wajen kamfanin katin, abin da fom ɗin banki ke kira `chargeback`. Ta yi kwafi biyu, ta sa aka buga mata hatimin karɓa da kwanan wata a nata.

Akwai abin da ta tuna amma ta san matsayinsa. Ranar Laraba ta miƙa katin ga wani mai POS a kasuwa, ya juya mata baya da shi na ɗan lokaci yana cewa na'urar na neman sabis. Ɗaukar hoton gaba da bayan kati ba ya cin daƙiƙa biyar. Ta ambaci wannan a takardar a matsayin abin da ya faru, da rana da wuri, amma ba ta ce shi ne ɓarawon ba, ba ta kuma je ta tara masa jama'a ba. Zato ba hujja ba ne, kuma lambobin kati suna iya fita ta wani shafin da ta taɓa biyan kuɗi watanni da suka wuce. Ƙorafinta ma bai dogara da gano ɓarawon ba. Ya dogara ne da nuna cewa ba ita ta amince ba.

Daga nan bankinta zai tura buƙatar ta hanyar kamfanin katin zuwa bankin ɗan kasuwar. Ana ba ɗan kasuwar dama ya kare kansa: yana iya kawo sunan da aka yi odar da shi, adireshin da aka kai kaya, imel, da bayanin na'urar da aka yi amfani da ita. In bai bi matakin OTP ba, kuma abin da ya kawo bai haɗu da malamar ta ko'ina ba, kuɗin za su dawo. Shi ya sa irin wannan ƙorafi kan ɗauki makonni, ba kwana uku ba. In banki ya dawo ya ce ɗan kasuwa ya kawo hujja, kada ta karɓi wannan jumla haka nan. Ta nemi a nuna mata hujjar. Imel da ba nata ba, ko adireshi a ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba, ƙarin ƙarfi ne a gare ta.

Da a ce amsar banki ita ce an tura OTP zuwa lambarta kuma an shigar da shi daidai, to hujjar da za ta nema ta canza. Sai ta tambayi kanta: sabis ya ɗauke a layina a daren? In ya ɗauke haka kawai, wataƙila wani ya je an sabunta masa sim da lambarta, sai ta tafi ofishin kamfanin layin ta nemi a rubuta mata ko an sauya sim ɗin, da ranar da wurin. In bai ɗauke ba, wa ya riƙe wayar a daren, kuma wace sabuwar manhaja ta saka kwanan nan wadda ta ba izinin karanta saƙonni? Sannan ta sa banki ya duba ko an canza lambar waya ko imel da ke kan asusun, da wanda ya nemi canjin.

In da kati da lambar sirri aka cire

Wannan ya fi wuya, amma ba a rasa abin yi. Abu na farko, fito da katin da ke aljihunka ka dube shi da kyau, ka gwada lambobi huɗun ƙarshe da waɗanda ke manhajarka. Tsohuwar dabara ce a bakin ATM wani ya zo da sunan taimako, ya ga lambar sirrin da ka danna, ya miƙo maka wani kati mai kala ɗaya na banki ɗaya ya tafi da naka. Mutane kan yi kwanaki suna yawo da katin wani ba su sani ba. In haka ne, wannan baƙon katin hujja ne. Kada ka jefar da shi, ka kai shi banki, ka faɗi ATM ɗin da lokacin da abin ya faru.

Sai ka nemi banki ya ba ka lambar na'urar da aka cire kuɗin, wadda ke fitowa a rasit da sunan `Terminal ID`, da wurin da take. Ka nemi a duba kundin da ATM ke ajiyewa na kowane ciniki, da hoton kyamara na wannan lokaci. Buƙatar hoton kyamara ta shiga takardarka ta farko, domin na'urorin ɗaukar hoto suna shafe tsoho su ɗora sabo, kuma wanda ya tuna da shi bayan wata uku yana iya tarar da babu. Ka kuma tambaya ko ƙwayar katin aka karanta ko baƙin layin baya. In layin ne, akwai yiwuwar kwafin kati aka yi amfani da shi. A nan ne shaidar inda kake take aiki: rajistar sa hannu ta wurin aiki, takardar kwanciya asibiti, tikitin tafiya, ko ma wani ciniki da ka yi da katin a wani gari mai nisa mintuna kaɗan kafin ko bayan cirar.

Gaskiya mai ɗaci a nan ita ce sau da yawa hoton kyamara fuskar ɗan gida yake nunawa: ɗa, ƙane, yaron shago, wanda aka taɓa aika da kati aka faɗa masa lambar sirri. Banki ba zai biya wannan ba, domin sharaɗin da ka sa wa hannu ranar karɓar kati ya hana ba kowa lambar.

In kai ka karanta musu OTP

Wani ya kira ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka saboda matsalar BVN, ka karanto masa lambobi. Kunya kan sa mutum ya ɓoye wannan ya ce bai san komai ba. Ɓoyewar ba ta da amfani, domin rubutun na'ura zai nuna an tura OTP wayarka an kuma shigar da shi cikin daƙiƙu. Abin da ya rage maka shi ne sauri. In kuɗin sun sauka a wani asusu ko walat na cikin gida, bankinka na iya tuntuɓar wancan ɓangaren a riƙe abin da ya rage kafin a kwashe, kuma wannan aikin mintuna ne da awanni. Hujjarka a nan ita ce lambar da ta kira ka, lokacin kiran da tsawonsa, saƙon da aka turo, da adireshin shafin da aka sa ka buɗe. A irin wannan ne rahoton 'yan sanda ko na EFCC ke da muhimmanci, tunda sakin kuɗin da aka riƙe a asusun wani yakan buƙaci umurnin kotu. Amma ka fara da banki. Kada ka ɓata yini a ofishin 'yan sanda kati na buɗe.

In banki ya yi shiru

Lokaci yana gudu ta fuska biyu. A tsarin Visa da Mastercard, yawancin irin wannan buƙata tana da wa'adin kwana 120 daga ranar cinikin, kuma bankinka ne zai shigar da ita a cikin wa'adin, ba kai ba. Takardar da ta kwanta a tebur wata huɗu ta mutu ko da gaskiya na tare da kai. Don haka ka riƙa bibiya da lambar ƙorafinka, kuma ta imel ko takarda, domin "ka dawo jibi" da aka faɗa maka da baki ba ta barin shaida.

Ta ɗaya fuskar, tsarin CBN shi ne ka fara kai ƙorafi bankinka ka ba shi mako biyu. In bai warware ba, ko amsarsa ba ta gamsar da kai ba, sai ka rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, ta imel a `cpd@cbn.gov.ng` ko ka miƙa takarda a reshen CBN da ya fi kusa da kai. Ka sa sunanka da lambar wayarka, sunan bankin, tarihin abin a taƙaice, adadin da kake nema, da kwafin hujjojinka. Abin da ba a yafewa shi ne shaidar cewa ka fara zuwa bankin, wato lambar ƙorafi da kwafin nan mai hatimi. Ko a nan ma ba a rubuta lambar sirri.

Mai karatu, tun kafin wani abu ya faru, ka nemo lambar rufe kati ta bankinka yau ka rubuta ta a wani wuri da ba cikin wayarka kaɗai ba. Ka kashe sayayyar intanet da ta ƙasar waje a katin in manhajar bankinka ta ba da dama kuma ba ka amfani da su, ka daina barin kati ya ɓace wa idonka wajen mai POS, ka kuma riƙa karɓar rasit ko da an ce ciniki bai yi ba. Ran da baƙon alat ya shigo, ka rufe katin, ka gano hanyar da kuɗin suka bi, ka rubuta ƙorafinka, kuma kada ka bar banki sai da lambar ƙorafi a hannunka.